BAYANI GAME DA NEMAN IZININ BARIN AIKI DOMIN BA DA SHAIDA A KOTU KO SHIGA HARKAR ZAƁE A YANKIN NOMAN RANI NA KURA DA BUNKURE

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka sani, Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka fi sani da aikin Kadawa, yana samun ruwansa ne daga madatsar Tiga wadda aka kammala a shekarar 1974. Daga can ruwan yake bin babbar magudana, ya ratsa Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu zuwa gonakin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Aiki ne da ke tafiya bisa ƙa'idar lokaci, domin kowane sashe yana da ranar da ake buɗe masa ruwa da ranar da ake rufewa. Saboda haka rashin mutum ɗaya a bakin aikinsa na kwana biyu kacal yana iya shafar manoma da dama waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Akwai dalilai biyu na hukuma da kan raba ma'aikaci da bakin aikinsa ba don ciwo ko rasuwa ba. Na farko shi ne kiran kotu domin ba da shaida, na biyu kuma shi ne harkar zaɓe. Mutane da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya, suna rubuta musu takarda iri ɗaya, alhali kuwa hukuncinsu ya sha bamban. Kiran kotu umarni ne, shugaba ba shi da ikon hana shi. Aikin zaɓe na wucin gadi alfarma ce da ake nema, ana iya bayarwa, ana kuma iya hanawa. Tsayawa takara kuwa ba a neman hutu dominsa, ajiye aiki ake yi. Manufarmu a nan ita ce mu fayyace waɗannan abubuwa uku, tare da nuna yadda ake miƙa aikin ruwa ga wani kafin a tafi.

Wa za a rubuta wa takarda

Kafin komai, wajibi ne ma'aikaci ya san hukumar da ta ɗauke shi aiki, domin a wannan yanki ana samun ma'aikatan hukumomi dabam-dabam suna aiki a bakin magudana ɗaya. Masu kula da ƙofofin ruwa da injiniyoyin shirin suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta Gwamnatin Tarayya ce, don haka dokokin aikin tarayya ne ke hawa kansu. Malaman gona na hukumar KNARDA ma'aikatan jiha ne. Ma'aikatan sashen gona da na lafiya na Kura ko Bunkure suna bin hannun shugaban sashensu zuwa ga Daraktan Kula da Ma'aikata na ƙaramar hukuma. Malaman firamare kuwa suna bin hannun shugaban makaranta zuwa ga Sakataren Ilmi.

Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina. Ana rubuta takarda ne zuwa ga jami'in da ke da ikon amincewa, amma ta hannun shugaban da ke kusa da kai, wanda ya san aikin da za ka bari. Takardar da ta tsallake shugaba na kusa takan dawo baya domin a nemi ra'ayinsa, kuma kwanakin da ake buƙata su ƙare a hanya. Haka nan faɗa wa shugaba da baki a masallaci ko a kasuwa ba ya zama izini. A dokokin aikin gwamnati, barin aiki ba tare da izini ba yana cikin manyan laifuffuka, kuma ranar da aka ba ka takardar tuhuma, abin da ke cikin fayil kaɗai ne zai tsaya maka.

Kashi na ɗaya: Ba da shaida a kotu

Shari'o'in da suka fi janyo mutanen wannan yanki gaban alƙali sanannu ne: rikicin iyakar gona, gado, jinginar gona ko hayarta, ɓarnar dabbobi, fasa magudana domin satar ruwa, da bashin taki ko na iri. A irin waɗannan shari'o'i akan kira mai unguwa ko dagaci, da maƙwabcin gona, da shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa, wani lokaci kuma har da ma'aikacin da ke riƙe da littafin rabon ruwa ko rasit na kuɗin ruwa.

Kiran yana zuwa ne ta takardar sammaci, ko daga Kotun Shari'a, ko Kotun Majistare, ko Babbar Kotun Jiha. Sammaci na gaskiya yana ɗauke da sunan kotu, da lambar ƙara, da sunayen masu shari'a, da rana da lokacin zama, da sa hannun alƙali ko magatakarda tare da hatimi. Idan wani ya zo maka da baki kawai, ya ce lauyansa yana son ka zo ranar Talata, wannan roƙo ne, bai zama umarnin kotu ba. Mai hankali sai ya ce masa: "Alhaji, ni ma'aikaci ne, ka sa kotu ta aiko mini da sammaci domin in nuna wa shugabana." Yin haka kariya ce ga ma'aikacin, kuma yana kawar da zargin cewa ya ɗauki ɓangare.

Sammacin shaida iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu yana rage wahala ƙwarai. Akwai wanda ke neman mutum ya zo da kansa ya faɗi abin da ya gani ko ya ji. Wannan ba a wakilci a cikinsa. Akwai kuma wanda ke neman a kawo wata takarda kawai, kamar littafin rabon ruwa ko taswirar filaye. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 218 da na 219, ta nuna cewa wanda aka nemi ya kawo takarda kawai ya sauke nauyin da ke kansa idan ya sa aka kai ta, kuma kai takardar ba ya mayar da shi shaidan da za a yi wa tambayoyi sai an kira shi a matsayin shaida. Har ila yau sashe na 104 ya tanadi yadda ake fitar da kwafin takardun hukuma wanda jami'in da ke riƙe da su ya tabbatar da sa hannu. Ma'anar wannan ita ce, a lokuta da dama ofis yana iya tura wani jami'i da kwafin, mai kula da ruwa kuma ya ci gaba da aikinsa. Sai dai a lura cewa a shari'o'in gado da aure da makamantansu Kotun Shari'a tana bin ƙa'idojin shaida na Musulunci ne, don haka sai a tambayi magatakarda abin da alƙali yake buƙata.

Idan sammacin ya nemi mutum da kansa, to babu zaɓi. Wanda aka ba sammaci hannu da hannu ya ƙi zuwa ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, kotu tana da ikon ba da takardar kamo shi, tana kuma iya hukunta shi. Cewa "shugabana bai ba ni izini ba" ba hujja ce da za a dogara da ita a gaban alƙali ba, kuma shugaban da ya hana yana iya jawo wa kansa tambaya. Ta fuskar addini ma, aya ta 282 da ta 283 na Suratul Baƙara sun hana shaidu ƙin amsa kira da kuma ɓoye shaida, sun kuma hana a cutar da mai ba da ita. Saboda haka takardar da ma'aikaci zai rubuta a nan sanarwa ce da neman a sake shi, ba roƙon alfarma ba.

Akwai wani bambanci kuma da ya kamata jami'ai su kula da shi. Idan an kira ma'aikaci ne saboda abin da ya sani ta hanyar aikinsa, to zuwansa kotu aikin hukuma ne. Ya kamata ofis ya sanar da sashen shari'a na hukumar, kuma kada ma'aikacin ya fitar da wani littafi ko fayil daga ofis sai da izini a rubuce. Idan kuwa an kira shi ne a kan al'amarin da ya shafe shi a matsayinsa na ɗan gari, kamar gadon gidansu, nan ma dole a sake shi, amma ofis ne zai duba ko za a lissafa ranar a cikin hutun uzuri. Dokokin Aikin Gwamnatin Tarayya sun ƙayyade kwanakin hutun uzuri a shekara, don haka mai shari'ar da ake ta ɗagawa ya dace ya riƙa lissafin kwanakinsa. Game da kuɗin mota kuwa, a shari'ar da ba ta laifi ba, wanda ya nemi a kira shaida shi ke ɗaukar nauyin kai shi. Amma karɓar wani abu domin a karkatar da magana shaidar zur ce, kuma doka ta tanadar mata ɗauri.

Misali daki-daki

A ɗauka akwai wani mai kula da ƙofar ruwa a ɗaya daga cikin sassan Kura. Ranar Laraba a cikin watan Fabrairu masinjan kotu ya kawo masa sammaci daga Babbar Kotu a Kano, ana neman sa ranar Talata mai zuwa da ƙarfe 9 na safe, a kan ƙarar wasu manoma biyu game da fasa magudana. A jadawalin sashensa kuwa, ranar Talatar ce ranar ruwan manoman ƙarshen layi, waɗanda alkamarsu ke fitar da kai. Ga yadda ya kamata ya bi:

1. Ranar Laraba ya sa hannu ya karɓi sammacin, ya rubuta rana da lokacin da ya karɓa, ya karanta ya ga ko shi ake nema ko littafinsa. A wannan misali shi ake nema, domin shi ya ga ɓarakar da idonsa.

2. Ranar Alhamis ya rubuta takarda kwafi biyu, ya haɗa da hoton sammacin, ya riƙe na asali a hannunsa. Ya kai ofis, a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa.

3. Ranar Juma'a shi da shugabansa su tsayar da wanda zai riƙe ƙofar, a sanar da shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa na sashen domin manoma su san wanda za su nema.

4. Ranar Litinin ya zagaya da mai riƙon, ya nuna masa aikin a bakin magudana, su sa hannu a takardar miƙa aiki.

5. Ranar Talata ya yi sammako. Tsakanin Kura da Kano tafiyar kimanin kilomita 30 ce, amma cunkoson shiga gari yakan ci lokaci. Da isarsa ya sanar da magatakarda cewa ya zo. Kada ya bar harabar kotu sai alƙali ya sallame shi.

6. Kafin ya fito, ya roƙi magatakarda ya rubuta masa shaidar halarta, da ranar da aka ɗaga ƙarar idan an ɗaga. Ranar Laraba ya miƙa wannan ga ofis.

Mataki na shida shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ne ya fi jawo saɓani. Sau da yawa akan je kotu a tarar ba a zauna ba, ko a ɗaga ƙarar kafin a kai ga shaida. Izinin da aka bayar na ranar farko bai shafi sabuwar ranar ba, sai an sake sanarwa. Idan kuma ranar ta faɗo a lokacin da babu yadda za a yi a bar aiki, kamar an samu ɓallewar babbar magudana, hanyar da ta dace ita ce ofis ya rubuta wa kotu kafin ranar, ta hannun lauya ko magatakarda, a roƙi wata rana. Alƙali ne kaɗai ke da ikon amincewa, kuma idan bai amince ba, sai a je.

Galibi takardun ofis da Turanci ake rubuta su, amma abin da ke ciki shi ne muhimmi. Ga siffar da ta wadatar: "Ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa kotu kaza ta aiko mini da sammaci a ƙara mai lamba kaza, domin in ba da shaida ranar kaza. Ga hoton sammacin a haɗe. Ina roƙon a sake ni a wannan rana. Wane ne zai riƙe aikina, kuma na miƙa masa a rubuce. Zan dawo bakin aiki ranar kaza tare da shaidar halarta." Ba a buƙatar a ba da labarin shari'ar a cikin takardar, kuma bai dace shugaba ya tambayi abin da shaida zai faɗa ba.

Abin da takardar miƙa aiki za ta ƙunsa

A ofishin da ake aikin takarda, fayil yana iya kwana a kan tebur ba tare da wata ɓarna ba. Ruwa ba ya yin haka. Idan aka bar ƙofa a buɗe fiye da kima, ruwa yana iya haurawa ya cinye gefen magudana, ya kwanta a gonakin da ke kusa. Idan aka bar ta a rufe, ko aka bar manoman farkon layi suka yi yadda suka so, na ƙarshen layi su ne ke kwana da ƙishi. Alkama takan sha ruwa ne kusan kowane mako zuwa kwana goma, kuma idan ta rasa shi lokacin fitar da kai da cika ƙwaya, ƙwayar takan shanye, ba kuma a gane asarar sai ranar awo. Tumatir kuwa idan ya sha ƙishi sannan aka tula masa ruwa, sai ya riƙa tsagewa, wani kuma gindinsa ya yi baƙi, darajarsa ta faɗi tun kafin a kai shi kasuwar Kwanar Gafan.

A bisa wannan dalili, takardar miƙa aiki ta ƙunshi jadawalin ranakun da za a yi babu kai, da lokacin buɗewa da rufewa, da iyakar inda ake ɗaga ƙofa, da wuraren da ke yoyo ko ciyawa ta toshe, da inda makulli da abin juya ƙofa suke, da sunan wanda za a nema idan an samu matsala. Malamin gona shi ma ya rubuta gonakin gwaji da ke hannunsa da ranar zuba taki ko feshi. Alamar cewa miƙa aikin bai yi kyau ba ita ce manoma su riƙa bin mutum har gida ko har kotu suna tambayar ranar ruwansu.

Kashi na biyu: Zaɓe

Manyan zaɓuɓɓukan ƙasa na 2019 da 2023 duk sun faɗo ne a watannin Fabrairu da Maris, wato daidai lokacin da tumatir ke kan ganiyarsa, alkama kuma ke dab da girbi. Shiga harkar zaɓe hawa uku ce, kowanne da hukuncinsa.

Hawa na farko shi ne jefa ƙuri'a. Wannan haƙƙi ne na duk ɗan ƙasa mai shekara 18 da ya yi rajista. Yawanci ranar Asabar ake yi, don haka ma'aikacin ofis ba ya buƙatar izini. Matsalar tana ga masu aikin karɓa-karɓa, kamar masu gadi da masu kula da ruwa da ma'aikatan asibiti, da kuma waɗanda suka yi rajista a nesa. Mutum yana jefa ƙuri'a ne a rumfar da sunansa yake kawai, kuma akan hana zirga-zirgar motoci a ranar, saboda haka wanda rumfarsa ke wata ƙaramar hukuma ko wata jiha dole ya tafi tun ranar Juma'a. Wannan Juma'ar ita ce ke buƙatar izini a rubuce. A zaɓen 2023 an tsara buɗe rumfuna da ƙarfe 8:30 na safe zuwa 2:30 na rana, tare da barin duk wanda ke kan layi ya jefa tasa. Shugaba mai tsari yana iya raba ma'aikatansa biyu, wasu su je da safe, wasu da hantsi. Wanda ya zauna a yankin dindindin kuwa, gara ya nemi a mayar da rajistarsa kusa, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta sa iyakar neman hakan kwana 90 kafin zaɓe.

A nan muna jan hankalin masu manyan gonaki da masu injinan casar shinkafa game da 'yan ƙwadago. Yawancinsu ba su da takardar ɗaukar aiki, yarjejeniyar baki ce tsakaninsu da mai gona. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi magana mako guda kafin ranar, a gaban shaida, a tsayar da ranar tafiya da ta dawowa, a kuma biya su haƙƙin kwanakin da suka riga suka yi. Riƙe kuɗin mutum ko katin zaɓensa domin kada ya tafi, ko domin ya zaɓi wanda ake so, zalunci ne kuma ya saɓa wa doka.

Hawa na biyu shi ne aikin zaɓe na wucin gadi. Hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, takan ɗauki malaman zaɓe daga cikin masu yi wa ƙasa hidima da ɗaliban manyan makarantu da ma'aikatan gwamnati. Hukumar zaɓe ta jiha, wato KANSIEC, wadda ta gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi 44 a ranar 26 ga Oktoba, 2024, ita ma takan ɗauki nata. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka aikin na kwana ɗaya ne. A gaskiya akwai kwanakin horo, akwai daren Juma'a da ake kwana a cibiyar raba kayan zaɓe ta mazaɓa, akwai ranar zaɓe, akwai kuma tattara sakamako wanda kan kai Lahadi. Bugu da ƙari, rana tana iya sauyawa. A 2019 an ɗaga zaɓen shugaban ƙasa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, kuma an yi zaɓen cike gurbi na gwamna a wasu rumfunan Jihar Kano ranar 23 ga Maris. A 2023 an ɗaga zaɓen gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris. Saboda haka mai neman izini ya nemi amincewar shugabansa tun kafin ya cike takardar neman aikin, ya lissafa dukkan kwanakin, ya kuma rubuta cewa idan an ɗaga zaɓe zai sake sanarwa. Shugaba yana da ikon ƙin amincewa idan babu mai riƙe aikin, kuma bai dace a saki dukkan ma'aikatan sashe ɗaya a lokaci guda ba.

Wanda ya karɓi wannan aiki ya sani cewa zai yi rantsuwar rashin nuna ɓangaranci, kuma zai sa hannu a takardar sakamako ta rumfa, wadda ake kira EC8A. Wannan sa hannu yana iya mayar da shi kashi na ɗaya na bayaninmu, domin kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana iya kiran sa shaida. Tsarin Mulki ya ba da kwana 21 domin shigar da ƙara bayan bayyana sakamako, da kwana 180 domin kotun ta yanke hukunci. Saboda ƙurewar lokaci, irin wannan kotu ba ta cika ɗaga zama domin shaida ɗaya ba, kuma kiran zai iya zuwa a tsakiyar aikin shinkafar damina.

Hawa na uku shi ne tsayawa takara. Tsarin Mulkin 1999 ya bayyana cewa ma'aikacin gwamnatin tarayya ko ta jiha bai cancanci tsayawa ba sai ya yi murabus, ko ya janye, ko ya yi ritaya daga aikin kwana 30 kafin ranar zaɓe. Wannan yana cikin sashe na 66 ga Majalisar Tarayya, da na 107 ga Majalisar Jiha, da na 182 ga gwamna, da na 137 ga shugaban ƙasa. Abubuwa uku aka ambata, kuma hutun shekara ko hutun da babu albashi ba ya cikinsu. Wanda ya dogara da hutu ya buɗe wa abokin takararsa ƙofar ƙalubalantar sa a kotu ko da ya ci zaɓe.

Ga lissafin a aikace. Mai neman kujerar Majalisar Wakilai ta Kura, Madobi da Garun Malam, ko ta Rano, Bunkure da Kibiya, a zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, kwana 30 ɗinsa sun faɗa ne a kan 26 ga Janairu. Tun da yake ma'aikacin dindindin yakan ba da sanarwar wata guda kafin ajiye aiki, ko ya biya albashin wata a madadinta, hanyar da ba ta da gardama ita ce takardarsa ta shiga ofis kafin 26 ga Disamba, 2022. Ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa, kuma idan albashi ya ci gaba da shigowa bayan ranar barin aiki, ya mayar da shi ya karɓi rasit, domin ci gaba da cin albashi hujja ce da ake kafawa cewa mutum bai bar aiki ba. Har ila yau jam'iyyu sukan sa nasu sharaɗi na ajiye aiki tun kafin zaɓen fid da gwani. Mai neman shugabancin ƙaramar hukuma ko kansila kuwa, dokar jiha da ƙa'idojin KANSIEC na wannan zaɓen ne zai nema ya karanta tun da wuri.

Game da zama ɗan jam'iyya, a shekarar 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar INEC da Alhaji Balarabe Musa, ta soke tanadin da ya hana ma'aikatan gwamnati shiga jam'iyya. Duk da haka, wannan bai ba ma'aikaci damar barin bakin aiki domin yawon kamfe ba, ko amfani da motar hukuma, ko fifita 'yan jam'iyyarsa a rabon ruwa da taki. Ruwan Tiga na kowa ne.

Kira ga shugabanni da masu unguwanni

Muna kira ga shugabannin sassa da su amsa kowace takarda a rubuce cikin kwana ɗaya ko biyu, domin shiru ba amincewa ba ne, ba kuma hani ba ne, yana barin ma'aikaci ne a tsakiya. Ya dace kowane sashe ya tanadi mutum na biyu da ya iya aikin kowace ƙofa tun farkon rani, ya kuma buɗe littafi na musamman da za a riƙa rubuta sammacin da ya shigo da ranakun da aka ɗaga. Dagatai da masu unguwanni, waɗanda su ma akan kira su shaida a kan iyakokin gonaki, su sanar da hakimi kafin su tafi, su kuma bar wakili. Manomi mai zaman kansa da aka kira, ya sanar da shugaban ƙungiyarsa domin a musanya masa ranar ruwa da maƙwabcinsa, ko a samu wanda zai yi masa ban ruwa.

Duk wanda ke da shakka a kan sammacin da ya karɓa, ya je wurin magatakardan kotun da ta aiko shi. Mai tambaya a kan rajista ko aikin zaɓe, ya je ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumarsa. Mai tambaya a kan kwanakin hutu kuma, ya ga jami'in kula da ma'aikata na hukumarsa kafin ranar ta matso. Allah Ya ba mu damina da rani masu albarka, Ya kuma zaunar da jiharmu lafiya, amin.